Sunan malami ɗaya, ni na nema na sami kaɗan, ƙawata ta nema ta sami tuli

Maryama_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya, abin ya ɗaure min kai tun makon jiya. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan Shehu Al-Maghili da zuwansa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, na shiga rumbun muƙalu da makarantarmu ke biyan kuɗinsa na rubuta Almagili kamar yadda muke faɗa, bai ba ni komai ba, ko ɗaya. Na sake rubuta Al-Maghili ya kawo min 'yan kaɗan. To ƙawata da ke karatu a Yamai na ba ta labari ta ce bari ta duba, kafin la'asar ta turo min muƙalu na Faransanci har da na 'yan Aljeriya waɗanda ni ban taɓa ganin ko takensu ba. Na ce me kika rubuta? Ta ce El Maghili, sannan El Meghili. Yanzu fisabilillahi harafi ɗaya ne zai ɓoye wa mutum rabin abin da aka rubuta? Kuma wanne ne rubutun da yake daidai don in tsaya a kansa?

Sadiq_Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki bar wahalar da kanki, ki sa a Google kawai, shi ko kin yi kuskure zai gyara miki. Waɗannan rumbunan na makaranta duk tsofaffin kaya ne.

Malam_Laburare:
Sadiq ka faɗi rabin gaskiya. Google yana yin hasashe, ya ga mutane da yawa suna rubuta suna iri biyu ya gane abu ɗaya suke nufi, amma wannan sai ga sunan da ya shahara ƙwarai. Rumbun muƙalu da katalog na laburare yawanci ba sa hasashe, haruffan da ka ba su su suke bi, in babu e a abin da ka rubuta ba za su kawo maka mai e ba.

Malama Maryama, shekarata 19 ina aikin katalog, kuma amsar tambayarki ta biyu ita ce babu wanda yake daidai shi kaɗai. Sunan na asali المغيلي ne. In kin duba, a rubutun Larabci ba a sa wasalin da ke bayan mimun ba, mai karatu ne ke cikewa. Bature mai bin daidaitaccen Larabci ya cike da a ya rubuta Maghili, Bafaranshen da ya ji yadda mutanen Aljeriya ke furtawa ya cike da e ya rubuta Meghili. Haka al da el. Sai kuma harafin غ wanda boko ba shi da shi, Ingilishi suka ce gh, mu Hausawa muka ce g, shi ya sa naki Almagili bai kamo komai ba, marubutan waje ba su san da shi ba. Tsofaffin Faransawa ma har da rh suke rubuta shi, garin Ghat na Libiya za ki gan shi Rhat, Ghadames kuma Rhadamès.

Issoufou_Damagaram:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma ni shaida ne da sunana. A nan Nijar ni Issoufou ne, in na tsallaka Daura wajen dangin mahaifiyata na koma Yusufu, a takardar da aka ba ni a Masar kuma Youssef. Yaya Maryama ki riƙe waɗannan guda uku in za ki nemi abin Faransanci: inda kuke sa u mu ou muke sa wa, inda kuke sa sh mu ch, j kuma sau da yawa dj. To wurin da kabarin Shehun yake, ku kuna rubuta Tuwat, a Faransanci Touat ne. Garinsu kuma Tlemcen, amma a littattafan masu nazarin Larabci Tilimsan za ki gani. Shehu kansa Cheikh. In kika haɗa Cheikh El Maghili Touat za ki ga abin da ƙawarki ta gani.

Maryama_Tarihi:
Ikon Allah. Na gwada Touat yanzun nan, wallahi wata duniya ce daban ta buɗe. Na gode Malam Issoufou. Amma Malam Laburare, in haka ne me zai hana in rubuta da Larabcin kawai in huta?

Malam_Laburare:
Ki rubuta, dole ma ki rubuta, amma ba za ki huta ba. Na farko muƙalar da aka yi da Ingilishi ko Faransanci sau da yawa babu harafin Larabci ko ɗaya a cikinta, littafin John Hunwick na 1985 a kan amsoshin da Shehun ya ba Askiya Muhammad na Songhai da boko katalog zai nuna miki sunan, al-Maghīlī da layuka a kan i. Na biyu Larabcin ma yana da nasa tarkon, Misirawa sukan rubuta ya'un ƙarshe ba ɗigo, المغيلى, a ido kusan ɗaya ne amma a wajen kwamfuta haruffa biyu ne daban, wani rumbun yana haɗe su wani ba ya yi. Na uku kuma Maghila sunan ƙabila ce ta Barbar, ba shi kaɗai ne Al-Maghili ba. Akwai Yahya bin Musa al-Mazuni mai tarin fatawoyi, shi ma ana ce masa al-Maghili, kuma zamaninsu ɗaya kusan. Na taɓa ganin ɗalibi ya kwaso maganar wannan ya jingina wa wancan. Don haka ki riƙa haɗawa da sunan mahaifinsa, Abd al-Karim, shi ma ki tuna 'yan Aljeriya Abdelkrim ko Abdelkarim suke rubutawa a haɗe.

Alhaji_Guangzhou:
Ku kuna maganar littafi, mu kuɗinmu ne ke tafiya a kan wannan abin. Bari in ba ku nawa. Shekarun baya wani ya ba ni katin wani kamfani da ke yin injin ban ruwa, a jiki an rubuta Taizhou. Na duba taswira na ga Taizhou na yanki tikitin jirgin ƙasa na tafi, na sauka na kira mutumin ya ce yana tasha yana jirana, ni ma ina tasha, muka yi ta zagaye ba wanda ya ga wani. Sai da na ba wani ɗan tasi wayar suka yi magana ya fashe da dariya. Ashe Taizhou biyu ne, ɗaya a lardin Jiangsu ɗaya a Zhejiang, ni na tafi na Jiangsu shi yana na Zhejiang. A rubutunsu ba su ma yi kama ba, 泰州 da 台州, boko ne ya maishe su tagwaye. Kwana guda da kuɗin otal na yi asara.

Zee_Wuhan:
Hahaha Alhaji sannu, ba kai kaɗai ba ne. Suzhou ma biyu ne, Fuzhou ma biyu ne. Kun ga matsalar Sinanci kishiyar ta Yaya Maryama ce. Ita suna ɗaya ne ya tarwatse ya zama rubutu biyar, a nan kuma sunaye daban daban ne ke taruwa su zama rubutu ɗaya, saboda pinyin, wato tsarin rubuta Sinanci da boko, in an cire masa alamar karin sauti ya zama kamar Hausa da ba a nuna ja da karin murya, ka rubuta gari ba a san na tuwo ba ne ko na zama. Akwai larduna biyu maƙwabta da dole aka ƙara wa ɗaya a don a bambanta, Shanxi da Shaanxi. Ni da nake neman muƙalun malamina a rumbun likitanci na rubuta Zhang W, abin da ya fito ko shekara zan yi ban gama tacewa ba, likitan ido da na ƙashi da mai binciken shinkafa duk Zhang W ne. Sai da na haɗa da sunan jami'a da fanninsa, daga baya ma na karɓi lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar marubuci, na huta.

Sadiq_Fagge:
To ai China ma suna da wancan ɗin, ba su ne suka canja wa Peking suna ya koma Beijing ba?

Zee_Wuhan:
Ba su canja suna ba Yaya Sadiq, 北京 yake tun 1949, yadda ake rubuta shi da boko ne ya canja. Gwamnatinsu ta fito da pinyin a 1958, kafin nan Turawa da tsarin Wade-Giles suke aiki da kuma wani tsohon rubutu na gidan waya, Peking da Canton daga wannan na biyun suke. Shi ya sa Mao Tse-tung na tsofaffin littattafai shi ne Mao Zedong na yanzu. Amma ka yi gaskiya ta wani ɓangaren, tarwatsewar ma akwai ta. Sunan dangi 陈 a babban yankin China Chen ne, a Hong Kong Chan, a Singafo sau da yawa Tan, don kowa da yarensa yake furtawa. Wong kuma na Hong Kong yana iya zama Wang yana iya zama Huang.

Malam_Laburare:
Ƙari a kan maganar Zee, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka sai a shekarar 2000 ya koma pinyin. Duk wanda ke neman abin da aka buga kafin wajen 1980 a kan China da sabon rubutu kaɗai, ya sani jaridu da mujallun lokacin ba su san Zedong ba.

Alhaji_Guangzhou:
Tunda an zo nan bari in ƙara wa 'yan kasuwa. Sunan Ingilishi da kamfanin China ke sa wa a kati ba shi ne sunan rajista ba, da Sinanci ake rajista, na Ingilishin kowa zaɓar abinsa yake. In ka nemi na Ingilishi ba ka gani ba, ba shi ke nuna ɗan damfara ne ba, in ka gani ma ba shi ke nuna na gaskiya ne ba. Ka ce ya turo maka hoton lasisinsa, akwai sunan Sinanci da wata lamba mai haruffa da alƙaluma 18, su za ka sa a gsxt.gov.cn ka gani ko yana raye. Ni yaron da ke min tafinta ke duba min.

Ummu_Hanan:
Ni dai tambayata, 'yata a takardar haihuwa Khadija aka rubuta, a makaranta suka sa Hadiza, yanzu za a yi mata fasfo, wanne zan bi? Ko ba nan ake tambaya ba?

Issoufou_Damagaram:
Hajiya ba ainihin maganar ke nan ba amma dangin juna ne. Ki bi na takardar haihuwa ki je makarantar su gyara tun kafin ta yi jarrabawar fita. Mu nan Hadiza ko Khadidja za a sa mata, kin ga an sami na uku.

Dakta_Haruna:
Na daɗe ina karantawa ina dariya, bari in kawo na Rasha tunda can na yi karatu shekara bakwai. Rashanci ba shi da h irin tamu. Da na isa aka rubuta sunana Харуна, da harafin da suke furtawa kamar خ. Ba matsala. Matsalar ta zo da muka buga muƙala a mujallarsu, aka zo juya sunayen marubuta zuwa boko, wanda ya yi aikin bai tambaye ni ba ya bi ƙa'idarsu, х ya zama kh, na wayi gari ni ne Kharuna. Abokina Jibril ya zama Dzhibril don ba su da j sai sun haɗa harafi biyu. Da na dawo gida ina neman ƙarin girma a wurin aiki aka ce an bincika ba a ga muƙaluna uku ba, har wani a kwamitin yana kallona kamar na ƙirƙiro su. Sai da na buɗe kwamfuta a gabansu na rubuta Kharuna suka fito reras. Wato sunan ya fita daga boko ya shiga Rashanci ya dawo boko, bai dawo yadda ya tafi ba.

Kuma su kansu Rashawan haka suke fama. Wanda ya yi lissafi ya san Chebyshev, to shi ne Tchebycheff na Faransawa, shi ne Tschebyscheff na Jamusawa, shi ya sa ma ake yi wa polinomiyal ɗinsa alama da T ba C ba. Putin a jaridun Faransa Poutine ne, su Issoufou sun sani. Wata da muka yi aji ɗaya tsohon fasfonta Yuliya, da ta sabunta ya fito Iuliia saboda hukuma ta canja ƙa'ida.

Bash_Kod:
Bari in shigo ta ɓangaren masu rubuta manhaja, don mu ake zagi in bincike bai kawo abu ba. Abu na farko da muke yi shi ne share kwalliyar da ke kan haruffa:

```
import unicodedata as u
s = u.normalize("NFKD", "al-Maghīlī")
print("".join(c for c in s if not u.combining(c)))
```

Wannan zai ba ka al-Maghili, shi ke nan mai layi da marar layi sun haɗu. Amma ba ya taɓa alamar ainun da ke gaban ʿAbd, don ita harafi ce mai zaman kanta, haka ƙ da ɗ da ɓ namu ba ya maishe su k da d da b, sai an yi musu tanadi daban. Shi ya sa Ɗanfodiyo da Danfodiyo ke iya ba ka sakamako biyu.

Na biyu shi ne a ƙirga harafi nawa za a canja kafin wannan rubutu ya zama wancan. Maghili zuwa Meghili ɗaya ne, duk injin da aka kunna wa wannan zai kamo. Ku ɗauki Gaddafi, zuwa Kadhafi na Faransawa canji biyu ne, zuwa Qadhdhafi na masana uku ne. Injin bincike na Elasticsearch da shafuka da yawa ke amfani da shi iyakarsa biyu, don haka na ukun ya faɗi waje. In ka ce a buɗa ya wuce haka kuma sai ya fara kwaso maka sunayen da ba ruwansu.

Sadiq_Fagge:
To me zai hana a yi wanda ke bin sauti maimakon harafi? Ai da an gama magana.

Bash_Kod:
An yi tun kafin a haifi kakanninmu, Soundex sunansa, don sunayen Turawa aka yi shi. Yana ajiye harafin farko ya maida sauran lambobi. Muhammad da Mohammed da Mamadou duk M530 suke ba da wa, ka ga ya yi kyau ko? To Mahmud ma M530 ne, ya haɗa mutum biyu. Gaddafi kuma G310, Kadhafi K310, Qaddafi Q310, lambobin sun yi daidai amma harafin farko ya raba su, ga shi a sunan Larabci harafin farkon ne ya fi rawa, ق ɗin da daidaitaccen Larabci ke cewa q 'yan Libiya g suke furtawa.

Lauya_Bauchi:
Kuma abin ya wuce kundi da kasuwa. Rahoton majalisar Amurka na 2014 a kan harin tseren Boston na 2013 ya nuna an shigar da sunan Tamerlan Tsarnaev, ɗaya daga cikin maharan, a rumbun tsaro da ƙarin y, Tsarnayev, shi ya sa faɗakarwar da aka ɗora a kansa ba ta yi aiki yadda ake so ba a tafiyarsa Rasha a 2012. Haka Umar Farouk Abdulmutallab a 2009, an rubuta sunansa ba daidai ba aka ɗauka ba shi da bizar Amurka.

Dakta_Haruna:
Barista na biyun kuskuren bugawa ne kawai, sunan da ma da boko yake a fasfonsa, ba juyi aka yi ba. Na farkon ne irin namu, Царнаев, wannan е ɗin in ya biyo bayan wasali ye ake furta shi, wani tsarin ya rubuta y ɗin wani ya bar shi. Duka biyun ba wanda za ka ce kuskure ne, wannan ne ma abin tsoron.

Lauya_Bauchi:
Na karɓi gyara Dakta. Amma ni har yanzu ina ganin laifin hukumomi ne, a zauna a tsayar da ƙa'ida ɗaya duniya ta bi mana.

Malam_Laburare:
Barista ƙa'idojin ai su suka yi yawa. Laburare na da tasu, ISO na da tata, masu fasfo na da tasu, kuma ko yau aka haɗu a kan ɗaya abin da aka buga shekara ɗari ba zai goge kansa ba. Ko jami'ar Sakkwato Usmanu Danfodiyo take rubutawa, Turawa Usman dan Fodio, masana Uthman ibn Fudi, Faransawa Ousmane, wa za ka ce ya bar nasa?

Malama Maryama mu koma kanki. Ki buɗe shafin Shehun a Wikipedia ki latsa jerin harsuna ki kwafi yadda Larabci da Faransanci suka rubuta, ki shiga viaf.org ki ga siffofin da laburaren ƙasashe suka yi masa rajista da su. Ki cire al da el gaba ɗaya don katalog da yawa a ƙarƙashin M suke jera shi. Sai ki haɗa su a layi ɗaya:

```
"Maghili" OR "Meghili" OR "المغيلي" OR "المغيلى"
```

Duk muƙalar da kika samu ki duba yadda marubucinta ya rubuta sunan da kuma yadda waɗanda ya ambata suka rubuta, in kin ga sabon salo ki ƙara a layin ki sake nema. Ranar da kika yi zagaye biyu ba sabon abu, kin kusa ƙasan rijiyar.

Zee_Wuhan:
Kuma in tsohon littafi ne da aka ɗauki hotonsa aka mai da PDF kada ki yarda da Ctrl+F, na'urar da ta karanta hoton takan ga ī ta ɗauka wani abu ne. Ki nemi guntu kamar Magh kawai.

Maryama_Tarihi:
Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Na gwada Magh a wani tsohon PDF da na riga na yanke ƙauna da shi, ya fito a wurare da dama, har da Maghrib dai amma ba komai na tace. Saura abu ɗaya, a cikin kundin nawa da Hausa nake rubutawa, malamina ya ce in sa Almagili, ni kuma yanzu ina tsoron in na sa haka wanda zai nema nan gaba ba zai same ni ba kamar yadda ni ban sami kowa ba.

Issoufou_Damagaram:
Ki sa Almagili a ciki, a take da tsakure ki sa Al-Maghili.

Malam_Laburare:
Ni ban goyi bayan rubutu biyu a kundi ɗaya ba, mai jarrabawa na waje zai ja miki layi a kai. Ki zaɓi ɗaya, sauran ki zuba su a kalmomin nema da ke ƙasan tsakure.

Dakta_Haruna:
Ki dai fara jin ta bakin malamin naki kafin ki bi ɗayansu, shi zai sa hannu. Ni har yau a takardar neman aiki sai na rubuta a ƙasa cewa Kharuna ɗin nan ni ne.